Abincin da ya faɗi ƙasa: Shin ɗauke shi cikin sakan biyar na kare mutum daga cuta?

A Amurka da Birtaniya akwai wata magana da yara ke koyo tun kafin su iya karatu, manya kuma su ci gaba da faɗinta cikin raha har tsufa. Idan biskit ko yankan burodi ya suɓuce ya faɗi ƙasa, sai mai shi ya yi wuf ya ɗauke, ya ce ai bai kai sakan biyar ba, ya jefa a baki. Suna kiran wannan "dokar sakan biyar". A Japan sakan uku ake cewa. A wasu gidajen kuma akan ja wa'adin har zuwa sakan goma, musamman idan abin da ya faɗin mai daɗi ne.

Tunanin da ke ƙarƙashin maganar shi ne ƙwayoyin cuta na buƙatar ɗan lokaci kafin su hau abinci, saboda haka mai saurin hannu zai riga su. Masu bincike a jami'o'i huɗu sun gwada wannan tsakanin 2003 da 2016, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya gano wani wa'adi da abinci zai yi a ƙasa mai ƙwayoyin cuta ya tashi ba tare da ya kwaso komai ba. Sai dai hakan ba ya nufin duk lomar da ta taɓa ƙasa ta zama guba. Abin da gwaje-gwajen suka nuna shi ne mutane na ƙirga abin da bai fi muhimmanci ba. Irin abincin da ya faɗi da kuma wurin da ya faɗa sun fi yawan sakan tasiri.

Ɗalibar sakandaren da ta fara gwadawa

Wadda ta fara kai maganar ɗakin gwaje-gwaje ɗalibar sakandare ce mai suna Jillian Clarke, lokacin da take samun horo a Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign a 2003. Da farko ta bi sassan jami'ar tana gogo samfuri daga daɓensu, sai ta tarar ƙwayoyin da ke wurin ba su taka kara sun karya ba, domin daɓen a bushe yake kuma ana share shi. Daga nan ta samo tayil, ta shafa masa ƙwayar E. coli da gangan, ta ɗora biskit da alewa mai danƙo na tsawon sakan biyar. Ƙwayoyin sun hau abincin. Ta kuma tambayi mutane, inda ta gano cewa an fi saurin ɗaukar kayan zaƙi daga ƙasa fiye da kayan lambu, abin da ba zai bai wa duk mai 'ya'ya mamaki ba. A 2004 aka ba ta kyautar Ig Nobel, wadda ake bai wa binciken da ke sa mutum dariya da farko kafin ya sa shi tunani.

Sakamakon nata guda biyu, wato ƙasar da babu komai a kanta da kuma ƙasar da ke miƙa ƙwayoyinta nan take, su ne har yanzu ginshiƙin maganar baki ɗaya.

A 2007 Farfesa Paul Dawson na Jami'ar Clemson da ke jihar South Carolina ya wallafa wani bincike tare da abokan aikinsa, a wannan karon da ƙwayar Salmonela, wadda ke haddasa gudawa da zazzaɓi. Sun zuba ta a kan tayil da katako da kafet, suka riƙa ɗora burodi da wani sarrafaffen nama da Amurkawa ke yankawa fale-fale suna sawa a tsakiyar burodi. A wani gwajin, fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙwayoyin da ke kan tayil sun koma jikin naman cikin sakan biyar. Abin da ya fi wannan ɗaukar hankali shi ne daɗewar ƙwayar: ta rayu har mako huɗu a busasshen wuri, da yawan da za ta iya hawa abinci. Ke nan bushewar ƙasa da ƙyallinta ba shaida ba ne cewa abin da ya zuba a wurin makon jiya ya mutu.

A 2014 labari ya ɗan sauya. Farfesa Anthony Hilton na Jami'ar Aston da ke Birmingham da ɗalibansa suka sanar cewa abincin da aka ɗauke bayan sakan uku bai kai wanda ya yi sakan 30 kwasar ƙwayoyi ba. Jaridu da dama suka buga cewa kimiyya ta gaskata dokar. Ba haka sakamakon ya ce ba. Ya nuna ne cewa sauri na rage yawan abin da aka kwaso, kuma raguwa daban take da rashi.

Gwaji 2,560

Binciken da ya fi kowanne faɗi shi ne na Jami'ar Rutgers da ke jihar New Jersey, wanda Farfesa Donald Schaffner da ɗalibarsa Robyn Miranda suka wallafa a 2016. Yadda suka tsara shi ya cancanci a tsaya a kai, domin a nan ake ganin abin da ke da nauyi da wanda ba shi da shi.

Sun zaɓi wurare huɗu: ƙarfe mara tsatsa irin na teburin girki, da tayil, da katako, da kafet. Suka zaɓi abinci huɗu: kankana, da burodi, da burodin da aka shafa wa bota, da alewa mai danƙo. Sai kuma lokaci huɗu: ƙasa da sakan ɗaya, sakan biyar, sakan 30, da sakan 300, wato minti biyar. Ƙwayar da suka yi aiki da ita, Enterobacter aerogenes, 'yar'uwar Salmonela ce amma ba ta kai ta haɗari ga masu aikin ba, kuma sun raine ta a cikin ruwa iri biyu. Idan aka haɗa waɗannan duka za a samu yanayi 128. Kowanne an maimaita shi sau 20, jimilla gwaji 2,560. A kowane karo sai an bar wurin ya bushe sarai kafin a saki abincin a kansa, sannan a ƙirga ƙwayoyin da suka koma jikinsa.

Kankana ce ta fi kwasa. Gwargwadon wurin da ta faɗa, ta ɗauki daga kashi 0.2 har zuwa kashi 97 cikin 100 na ƙwayoyin. Alewa ce ta fi ƙarancin kwasa, daga kashi 0.1 zuwa 62. Burodi, da bota ko babu, ya faɗo a tsakiya. Daɗewa a ƙasa ta ƙara yawan ƙwayoyin a mafi yawan lokuta, don haka masu saurin hannu ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Amma ko a gwajin da bai cika sakan ɗaya ba an samu ƙwayoyin da suka riga suka hau. Masu binciken suka kammala da cewa nau'in abinci da nau'in daɓe na da tasiri daidai da na lokaci, ko ma fiye.

Dalilin a bayyane yake idan aka tuna cewa bakteriya ba ta da ƙafa. Ba tafiya take yi daga ƙasa ta hau abinci ba, balle a yi tsere da ita. Tana nan kwance, abincin ne ke faɗowa a kanta, kuma ruwan da ke jikinsa ne ke jiƙa ta ya ɗago ta. Yankan kankana jiƙe yake sharkaf, fuskarsa kuma a shafe, don haka da ya taɓa tayil sai ya manne da shi kamar yadda jiƙaƙƙen tsumma ke yi. Duk abin da ke ƙarƙashinsa ya shiga ruwan ke nan. Busasshen abu kuwa, irin su biskit ko gyaɗa, wurare ƙalilan ne na jikinsa ke haɗuwa da ƙasa, kuma babu laimar da za ta yi jigila.

Wannan ne ma ya bayyana sakamakon da ya fi bai wa mutane mamaki. Kafet, wanda kowa ke wa kallon matattarar datti, shi ne ya fi ƙarancin miƙa ƙwayoyi. A gwajin Clemson ƙasa da kashi 0.5 cikin 100 ne suka koma jikin naman daga kafet, alhali daga katako da tayil an samu kashi 5 zuwa 68. Ruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin na nutsewa cikin zaren, abincin kuma ya tsaya a kan tsinin gashin kafet ɗin kawai. Wannan bai mayar da kafet faranti ba. Ya fi tayil wuyar tsaftacewa, kuma abinci mai miya zai kwaso gashi da ƙura da duk abin da takalmi ya shigo da shi.

A lissafa da misali

Kaso cikin 100 ba ya faɗin komai sai an san kason mene ne. Masu bincike na zuba miliyoyin ƙwayoyi a kan ɗan ƙaramin tayil don su samu abin ƙirgawa, kuma da wuya a samu irin wannan yawan a ɗakin da ake sharewa kullum. Saboda haka ya kamata a ɗauki misalin da ya fi kusa da rayuwa.

A ce an gyara ɗanyar kaza da hantsi a ɗakin girki, ruwanta ya ɗiga a kan tayil, aka goge da tsumman da aka wuni ana goge-goge da shi. Wurin ya bushe, babu tabo, babu wari. A ce, don lissafi kawai, ƙwayoyi 10,000 ne suka rage a daidai inda abinci zai faɗa. Da la'asar yaro ya saki yankan kankana a wurin, uwarsa ta ɗauke kafin ta ƙirga uku. Idan aka bi mafi munin sakamakon Rutgers, kashi 97, ƙwayoyi 9,700 na jikin kankanar. Idan da alewa ce ta faɗi aka kuma yi sa'ar mafi ƙarancin sakamako, kashi 0.1, ƙwayoyi goma ne kacal. Yaro ɗaya, ɗaki ɗaya, saurin hannu ɗaya, amma bambancin ya kusa ninki dubu.

To goma ɗin fa? Ya danganta da wace ƙwaya ce. Mafi yawan ƙwayoyin da ke ƙasa ba sa cutar da mutum, kuma da yawa daga masu cutarwar sai sun kai dubbai kafin su fi ƙarfin ruwan cikin lafiyayyen baligi. Amma akwai waɗanda kaɗan ya ishe su. Nau'in E. coli da ake kira O157:H7, wanda ake samu a kashin shanu kuma yake iya taɓa ƙodar yara, ƙwayoyi goma zuwa ɗari na iya kwantar da mutum. Haka ita ma Shigela mai sa atuni. Ƙwayar Noro, wadda ke yaɗa amai da gudawa a makarantu da jiragen ruwa, ita ma 'yan ƙalilan sun wadatar, kuma tana daɗewa a wurin da mara lafiya ya yi amai ko bayan an goge. Ga irin waɗannan, rage kaso ta hanyar sauri ba ya fitar da mutum daga haɗari.

Babu kuma yadda ido zai tantance. Tsawon ƙwayar bakteriya bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na milimita ba. Tayil mai ƙwayoyi 10,000 da wanda ba shi da ko ɗaya kamarsu ɗaya.

Me ya sa mutane ke ci su kwana lafiya?

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma tana da ƙarfi. Miliyoyin mutane na cin abin da ya faɗi kullum ba abin da ke samunsu, har a Najeriya akan ce cikin raha datti ba ya kashe ɗan Afirka. Wani likitan yara na Jami'ar Indiana, Aaron Carroll, ya rubuta a jaridar New York Times a 2016 cewa shi yana cin abin da ya faɗi a ɗakin girkinsa, domin daɓen bai kai wasu wuraren da ake taɓawa kullum ƙazanta ba. Ya dogara ne da irin binciken Charles Gerba na Jami'ar Arizona, wanda ya nuna cewa soson wanke-wanke da tsumman kicin da wurin wanke kwanuka sun fi daɓe ɗaukar ƙwayoyin da ke fitowa daga bahaya. Wanda ya zubar da biskit saboda ya taɓa ƙasa, sannan ya goge farantinsa da soson da ya yi mako a jiƙe, ya kauce wa ƙaramin haɗari ya rungumi babba.

Sai dai hujjar na da rauni biyu. Na farko, cutar ba ta bayyana nan take. Salmonela kan ɗauki daga awa shida har zuwa kwana shida kafin ta nuna alama, kuma a lokacin babu mai tuna lomar da ya tsinta ranar Talata. Abincin da aka ci na ƙarshe ake ɗora wa laifi.

Na biyu, ƙasa suna ta tara. Daɓen ɗakin girkin likita a Indiana daban yake da bakin titi, ko tashar mota, ko ƙasan kasuwa, ko tsakar gidan da kaji da awaki ke yawo. Gwaje-gwajen nan duka a kan tayil da katako da ƙarfe da kafet aka yi su, ba a kan turɓaya ba, kuma turɓaya na da nata baƙin. Kashin kaji na ɗauke da Salmonela da Kamfilobakta. Inda ake bahaya a fili, ƙwan tsutsar ciki na iya shekaru a cikin ƙasa yana jiran mai haɗiya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 1.5 ne ke ɗauke da tsutsotsin da ake kamuwa da su ta ƙasa. Ƙwan tsutsa ba ya buƙatar sakan biyar, yana zuwa ne tare da ƙwayar yashin da ta manne.

Mai cin ma ba ɗaya ba ne. A ƙiyasin da hukumar ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 na mutuwa, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ba abincin da ya faɗi ƙasa ne ya jawo mafi yawan wannan ba, amma alƙaluman na nuna wanda jikinsa ba ya jurewa. Su ne kuma masu rarrafe, masu yawan sakin abu, masu tsinta su kai baki. Mai ciki da tsoho da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni na bin bayansu.

Hurawa, kakkaɓewa, wankewa

Ga Musulmi, ɗaukar abincin da ya faɗi ba maganar rowa ba ce. Imam Muslim ya ruwaito hadisin da ke umartar wanda lomarsa ta faɗi da ya ɗauke ta, ya kawar da ƙazantar da ta same ta, ya ci, kada ya bar wa Shaiɗan. Abin lura shi ne babu ƙirgen lokaci a ciki, sharaɗin shi ne kawar da abin da zai cutar. Imam Nawawi a sharhinsa ya yi bayanin cewa idan a kan najasa ta faɗa sai an wanke ta, idan kuma wankewar ba za ta yiwu ba a bai wa dabba. Wannan rabe-raben, wanda ke duba inda abin ya faɗa da kuma ko zai tsaftatu, ya fi dokar sakan biyar kusa da abin da aka gani a Rutgers.

Tambayar ita ce me ke kawar da ƙazantar da gaske. Hura iska da kakkaɓewa na cire yashi da gashi, amma ba sa ɓamɓare ƙwayar da ta riga ta manne da laima. Suna da ɗan amfani ga busasshen abu da ya faɗi a wurin da aka san tsaftarsa, kamar dabino a kan ledar cin abinci ko tabarmar da ba a takawa da takalmi. Abu mai ɓawo, irin su lemo da ayaba da dafaffen ƙwan da ba a ɓare ba, a wanke bayansa a ɓare. Mai tauri da santsin jiki, kamar tumatir ko goba, ruwa mai gudana na rage abin da ke kansa sosai, ko da yake ba ya share shi tas. Ɗanyen naman da ya faɗi kafin a dafa shi ne mafi sauƙi, domin wuta za ta gama aikin: a ɗauraye, a dafa har zafin ya ratsa tsakiyarsa, aƙalla digiri 70 a ma'aunin Salshiyos, sannan a wanke inda ya faɗa da sabulu, tun da yanzu shi ne ya ɓata ƙasar. Burodi ko tuwo mai kauri ana iya yanke gefen da ya taɓa ƙasa da ɗan zurfi. Amma yankakkiyar kankana, da lomar da ta sha miya, da shinkafa, da taliya, da tsiren da aka riga aka barbaɗa wa yaji, babu hanyar wanke su. Su ne rabon kaji.

Akwai kuma kuskuren da ya fi cin lomar nan take muni, wato mayar da abin da ya faɗi cikin tukunya ko kula don a ci anjima. A nan ne lokaci ke da tasiri na gaske. Tsakanin digiri 5 da 60 bakteriya na hayayyafa, kuma idan ta samu ɗumi da laima da abinci tana iya ninka kanta duk minti 20. Cokalin shinkafar da ya kwaso ƙwayoyi 20 kacal daga ƙasa, aka mayar da shi cikin kula mai ɗumi-ɗumi da azahar, cikin awa huɗu ƙwayoyinsa za su iya ninka kansu sau 12 a jere. Ƙwayoyi 20 sun haura 80,000 ke nan, a cikin abincin da mutanen gida duka za su ci. Mai sayar da abinci da ya tsinci yankan nama ya mayar cikin tire yana yin haka ne ga mutanen da ba su ma ga faɗuwar ba. Idan har za a ceci irin wannan abincin, sai dai a sake tafasa shi ya yi zafi ƙwarai a ci a lokacin.

Wanda ya riga ya ci kuma, mafi yawan lokuta babu abin da zai biyo baya, kuma babu dalilin shan maganin kashe ƙwayoyin cuta don riga-kafi. Idan gudawa ta zo cikin kwanakin da suka biyo, ruwan gishiri da sukari ne matakin farko. Jini a bahaya, ko zazzaɓi mai zafi, ko aman da ke hana ruwa zama a ciki, ko gudawar da ta wuce kwana uku, alamu ne na a tafi asibiti. Ga ƙaramin yaro ba a jira kwana ukun: da zarar fitsarinsa ya ragu, ko idanunsa sun faɗa, ko ya ƙi shan nono, a kai shi a ranar.